Kwano na Bakwai

Duk direban da ya taɓa yin lodi a tashar Birnin Kebbi zamanin Jihar Sakkwato ya san Goggo Riskuwa. In bai san ta da tuwo ba, ya san ta da baki. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, muryarta kuwa daga bakin murhu tana kai wa ga mai yanka tikiti ba tare da an aika yaro ba. Gidan abincinta ɗaki biyu ne da rumfa. Ba allo a ƙofa, don ba a bukata: ƙamshin miyar kuka da man shanu shi ke nuna hanya.

A Gulma aka haife ta, a Argungu ta yi aure. Mijinta Maliki mai gyaran keke ne, mutumin kirki wanda bai taɓa tara komai ba sai tsofaffin tayoyi. Da ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyu da famfon iska ɗaya. Bayan ta fita takaba ta ce za ta fara sayar da abinci, sai dangi suka tashi tsaye kamar ta ce za ta shiga fashi. Wai 'yar gidansu ba ta zama 'yar tuwo-tuwo. Da ta tambaye su me yaran za su ci, kowa ya ce Allah na nan, ya kaɗe rigarsa ya tafi. Mutum ɗaya ce ba ta yi wa'azi ba, ƙanwar mahaifiyarta, Inna Uwa. Ita ta shiga ɗaki ta fito da tukunyar ƙarfe mai kunne ɗaya, ta ɗora wa Riskuwa a ka, ta raka ta har motar Birnin Kebbi.

Shekara goma sha biyu ta yi tana tuƙa tuwo. Tukunya ɗaya ta zama shida, ta yi gida, ta sa yara makaranta, ta kai matsayin da ma'aikatan banki ke ce mata Goggo suna rusunawa. Amma wani abu ya tsaya mata a rai, kuma ba ta ɓoye shi: tana so ta koma Argungu ta buɗe reshe a bakin babban titi, da allo mai ɗauke da sunanta da manyan baƙaƙe, don waɗanda suka kira ta 'yar tuwo-tuwo su riƙa wucewa ta ƙarƙashinsa safe da yamma.

Wanda ya hura wutar shi ne Hammadu, taubashinta, ɗan ƙanen mahaifiyarta. Hammadu dillali ne na duk abin da ke da mai saye, daga jaki har kangon gida. Ya samo mata shago kusa da tashar Argungu, ya kuma samo inda kuɗin za su fito. Riskuwa na da gonar shinkafa a fadamar Gulma, gadon mahaifinta, ƙanenta Hodi ke nomawa suna raba amfani. Wani Alhaji ya taya naira dubu uku da ɗari shida, daidai abin da firiji da fanka da tukwane da bencina da gyaran shago za su ci. Wannan daidaituwa ta burge Hammadu ƙwarai, tunda shi ne dillalin gonar kuma shi ne dillalin shagon.

"Ke dai ki tuno taron bikin kamun kihi," in ji shi. "Mutane awa fara! Har Turawa. Kwana huɗu kin mai da kuɗɗinki."

Da ya faɗi haka akwai mutum a bencin kusa yana suɗe yatsa. Malam Abdussamadu ke nan, mai koyar da lissafin kasuwanci a kwalejin garin, gwauro mai cin safe da rana da dare a wurin Goggo, wanda aljihunsa ba ya rabuwa da guntun alli. Ya jira Hammadu ya tafi, sannan ya ce:

"Goggo, sauran kwana ɗari ukku da sittin da ɗaya hwa? Turawan za su tsaya?"

"Kai ci tuwonka. Wa yat tambaye ka?"

"Ba kowa. Amma in kis sai da gonag ga kika faɗi, ni ka rasa wurin cin abinci. Don kaina nika magana."

Wannan ta gamsar da ita, don Goggo ta fi yarda da mai son kansa a fili a kan mai cewa don Allah yake yi. Ta sa aka goge tebur, Malam ya fito da allinsa ya ja layi a tsakiya.

Ya ce kuɗin da gidan abinci ke ci iri biyu ne. Akwai masu bin kwano: shinkafa, nama, mai, kayan miya, itace. In an zuba kwano sun tafi, in ba a zuba ba suna nan. Ya tambaye ta nawa kwano ɗaya ke cin mata. Ta fara da cire shinkafa, wai daga gonarta take zuwa, kyauta ce. Malam ya ce ba kyauta ba ce, don da ta kai ta kasuwa da an ba ta kuɗi, balle ma gonar ce za a sayar. Ta harare shi, ta sa shinkafa a kuɗin kasuwa. Suka yi ta ja har suka tsaya a kan naira ɗaya da sule biyar, wato naira ɗaya da rabi. Kwano kuwa naira biyu take sayarwa.

"To kin gani, kowane kwano sule biyar shika bar miki."

"Riba ke nan."

"A'a, Goggo. Ba ta zama riba ba tukuna. Akwai masu jira."

Masu jiran su ne ya rubuta a ɗaya gefen layin, kuɗin da ba ruwansu da ciniki, ko ƙuda bai shigo ba sai an biya su ƙarshen wata. Hayar shago naira ɗari. Mai dafuwa ɗari da hamsin, tunda Goggo ba za ta rabu biyu ba. 'Yan mata biyu masu zubawa da wanke-wanke, ɗari da ashirin. Wuta da ruwa hamsin. Kuɗin motarta na zuwa dubawa sittin. Ta ce shi ke nan, ya ce saura firiji da fanka da bencina. Ta ce ai waɗannan sau ɗaya ake saye. Ya tambaye ta benci nawa direbobi suka karya mata bara. Ta ƙirga su da yatsu. Suka yarda kayan za su yi wata talatin kafin su nemi canji, aka raba dubu uku da ɗari shida gida talatin, ya ba da ɗari da ashirin a wata. Jimla naira ɗari shida.

"Yanzu sule biyar-biyar nawa za su cika ɗari shidda? Dubu da ɗari biyu. Kwano dubu da ɗari biyu ga wata, arba'in ga yini. In kis sai da arba'in, ba riba ba faɗuwa, kin yi wahalar banza dai. Kwano na arba'in da ɗaya shi na naki na hwarko."

Goggo ta yi dariya har da buga cinya. Arba'in! A nan Birnin Kebbi kafin azahar ta wuce arba'in. Hammadu ma ya ce ko ba biki za a sayar da sittin a Argungu. Malam ya yarda cewa in sittin ɗin gaskiya ne, ashirin na sama za su ba ta naira goma a yini, ɗari uku a wata. Amma ya ce sittin ɗin daga bakin Hammadu ta fito, kuma shi bai taɓa ganin dillalin da ya rage lamba ba. Ya ba ta shawara ta ari shagon na kwana goma, ta kwashi tukwane daga nan, ta gwada a ranakun da ba biki, kafin ta sa hannu a takardar gona.

Haka aka yi. Ta bar babbar ma'aikaciyarta a Birnin Kebbi, ta cika bayan a-kori-kura da kaya, har da tsohuwar tukunyar nan mai kunne ɗaya, wadda ba ta fara girki a sabon wuri sai da ita. Ta sa wani mai fenti ya rubuta sunanta a jikin kwali, aka kafa a ƙofa. Da ta tsaya a titi ta dubi kwalin, daɗi ya cika ta har ta ji kunyar kanta.

Abin mamaki, Hammadu bai yi ƙarya ba. Wataƙila kuskure ya yi. Direbobi da masu sayen kifi da ma'aikatan ƙaramar hukuma suka zo, aka sayar da kusan sittin tun ranar farko, washegari ma haka. Sai dai tukunyar da ta auna ta sittin ta ƙare tun kafin la'asar, aka sake ɗora wata.

Dalili kuwa 'yan barka ne. Ai ba a buɗe wuri dangi su ƙi zuwa barka, kuma ba a zuwa barka a tafi baki bushe. Abin da Riskuwa ta lura shi ne barkar mutanen Argungu ba ta tashi sai tuwo ya nuna. Wani kawunta ya zo barka, ya zo da abokin tafiya don ƙafarsa na ciwo. Dangin marigayi Maliki suka zo su ga matar ɗan'uwansu, su yi masa addu'a, su ci nama. Waɗanda suka yi mata wa'azin tuwo-tuwo suka zo a sahun gaba, kuma ba wanda tuwon ya tsaya wa a wuya. Kowa in ya gama sai ya wanke hannu, ya ce Allah shi ƙara kasuwa, ya fita. Taubasai ko addu'ar ba sa yi, su ƙari suke nema, su ce miyar ba gishiri. Hammadu da kansa sau biyu yake ci, na safe a matsayin dillali, na rana a matsayin taubashi. Ta ɗauka barka kwana ɗaya ce. Ranar ta huɗu Kawu ya dawo barka karo na huɗu.

A Birnin Kebbi ba ta taɓa sanin wannan ba, sai yanzu ta gane dalili. Kuɗin motar zuwa can ya fi kuɗin kwano, shi ya tsare ta shekara goma sha biyu. Yanzu ita da kanta ta ɗauko tukunya ta kawo musu har ƙofar gida.

Ranar Asabar Malam Abdussamadu ya iso a kan babur, wai ya zo duba lissafi, amma sai da ya ci kwano biyu ya biya sannan ya ciro alli. Ya tambaye ta kwano nawa ake wankewa, nawa ake biya. Ta ce ana wanke saba'in da huɗu, ana biyan sittin.

"Sha huɗu kenan na Allah-shi-ƙara-kasuwa," in ji shi.

"To mi ne? Sule biyar-biyar nir rasa. Naira bakwai. Zumunci bai kai naira bakwai ba?"

"Ba sule biyar kika rasawa ba, Goggo. Wanda bai biya ba ya ci shinkafa da nama da itace na naira ɗaya da sule biyar. Sai mutum ukku sun biya kahin su toshe ramin kawu guda."

Ya rubuta a tebur. Sha huɗu sau uku, arba'in da biyu. A haɗa da arba'in ɗin farko, tamanin da biyu. Wato sai ta sayar da kwano tamanin da biyu a yini kafin ta tashi ba riba ba faɗuwa, ita kuwa sittin take sayarwa. Sittin na kawo naira talatin, masu jira na ɗauke ashirin, dangi na cin ashirin da ɗaya. Faɗuwar naira goma sha ɗaya kullum, ɗari uku da talatin a wata. Cikin wata goma sha ɗaya, asarar ta kai kuɗin gonar Gulma har ta ɗan wuce.

Goggo ta daɗe tana kallon teburin. Ta ce a ƙara kuɗin kwano. Malam ya ce mai tuwo na gaba da ita naira biyu take sayarwa, direbobi kuma ba danginta ba ne. Ta ce a rage nama. Ya ce shi da kansa zai fara guduwa. Sai ta yi tambayar da ta fi dacewa da ita:

"To dangi nawa nika iya ɗauka?"

Malam ya ce naira goma ce ke saura bayan masu jira, kowane ɗan barka na cin naira ɗaya da sule biyar. Shida za su ci tara, a bar mata naira ɗaya. Na bakwai shi zai tura ta cikin faɗuwa.

"Naira ɗaya ga yini, Goggo. Don ita za ki sai da gonar babanki?"

"Ciniki shina ƙaruwa! In sun san hannuna, sittin za ta koma ɗari."

Ya ce yana iya yiwuwa, kuma kowane kwano na sama sule biyar ne nata, muddin ta tsaya a shida. Ya hau babur ya tafi, ya bar ta da aikin da ba ya cikin littafin kwaleji, wato zaɓen mutum shida daga cikin dangi.

Ta zaɓa, kuma gaskiya ba da zuciya ta zaɓa ba, da tsoro ta zaɓa. Ta ɗauki waɗanda bakinsu ya fi kaifi: Kawu, da yayar marigayi, da wasu tsofaffi biyu masu zaman ƙofar masallaci, da wata gwaggo mai zuwa kowane suna, da Hammadu sau ɗaya tak. Ta sa Hammadu ya sanar cewa saura kowa zai biya. Ya sanar da murna, tunda yana cikin shida, kafin magariba labari ya kai Gulma cewa Riskuwa na sayar wa jininta tuwo.

Kwana biyu abin ya yi aiki. 'Yan barka suka ɗauke ƙafa, waɗanda suka wuce ta titi suka kau da kai daga kwalin, abin da ya ɗan ɓata mata rai tunda don su aka rubuta shi. Amma lissafi ya fita, naira ɗaya ta kwana a hannunta ranar farko, naira biyu da sule biyar rana ta biyu. Ta aika wa Alhajin cewa ranar Laraba ya zo da kuɗinsa da shaidu. Hodi ya zo daga Gulma, ya tsaya a bakin ƙofa, bai ci komai ba, bai ce komai ba sai cewa shinkafar bana ta yi kyau. Ta ce ta ji.

Ranar Talata da rana, shago cike da direbobi, wata tsohuwa ta shigo da sanda, ta zauna a ƙarshen benci kusa da ƙofa. Riskuwa na can baya tana faɗa da mai itace. Yarinyar da ke zubawa 'yar Birnin Kebbi ce, ba ta san kowa ba, an dai ba ta suna shida. Ta kawo kwano ta ce naira biyu.

Riskuwa ta fito daidai lokacin da tsohuwar ke kwance bakin zane. Inna Uwa ce. Ta tsufa ƙwarai, ƙullin ya ƙi kwancewa sai da ta sa haƙori. Ta zazzage sulalla da kwabbai a kan benci tana ware su da yatsa ɗaya. Kwana tara Riskuwa na Argungu, ba ta leƙa gidan matar nan ba, kullum sai ta ce gobe. Ita kuma Inna ba ta zo barka ba ko sau ɗaya, don haka sunanta bai ko faɗo wa Riskuwa a rai ba lokacin zaɓen shida.

"Inna! Mi kika yi haka?"

"An ce yanzu biya aka yi, ɗiyata. Da can ban zo ba don na ga mutane sun yi miki yawa. Da nij ji ana biya nic ce to yanzu ni ka iya zuwa, ba ni zame miki nauyi." Ta tura kuɗin gaba. "Ƙidaya, idona ba shi gani. In bai cika ba, a rage naman."

Kunya ta kama Riskuwa irin wadda ba ta taɓa ji ba, ko ranar da aka kira ta 'yar tuwo-tuwo. Ta durƙusa a gaban direbobi, ta tattara sulallan, ta mai da su bakin zanen ta ƙulle da hannunta. Inna ta leƙa ta ƙofar baya ta hango murhu.

"Har yau tana nan, mai kunne guda?"

"Tana nan, Inna."

"To madalla. Ba ta yoyo dai?"

A nan Riskuwa ta fashe da kuka, direbobi suka sunkuyar da kai cikin kwanoninsu. Ta san lissafin Malam daidai ne, ba ta da abin cirewa a ciki. Ta kuma san wannan shi ne kwano na bakwai, kuma a Argungu ba ranar da zai rasa mai ci, don bayan Inna akwai wasu da ba su da baki mai kaifi, waɗanda ita ba za ta iya karɓar kuɗinsu ba.

Da Alhaji ya zo ranar Laraba da shaidunsa, ya tarar ana loda tukwane a mota. Aka zuba musu tuwo, suka ci, suka ce Allah shi ƙara kasuwa. Hammadu ya yi asarar la'ada biyu a wuni ɗaya, ya rama da kwano uku. Kwalin mai sunanta kuwa yaron mota ya shimfiɗa a ƙarƙashin tukwane don kada su ɓata masa fenti, tana gani ba ta hana ba.

Ta koma Birnin Kebbi ta ƙara rumfa ɗaya a jikin tsohon shagonta, inda haya ba ta ƙaru ba kuma kawu sai ya biya mota. Hodi ya ci gaba da noman fadama, buhunan shinkafa na zuwa duk kaka. Malam Abdussamadu ya riƙa ba ɗalibansa labarin a aji, yana canja sunan garin don kada Goggo ta ji ta rage masa nama.

Tun daga wannan makon, kullum motar farko mai zuwa Argungu ba ta tashi sai an kawo wa direba kwanon sha da na tuwo a ɗaure cikin ƙyalle, ya sauke a gidan Inna Uwa. Malam ya taɓa cewa in an haɗa da ɗan abin da ake ba direba, kwanon nan shi kaɗai na cinye ribar kwano biyar. Goggo ta ce ta sani, ta lissafa, ya mai da allinsa aljihu.